Dalilin Baƙar Kwat ɗin Illo Dillali

Duk wanda ya shiga Kara, kasuwar shanu ta Sakkwato, a 'yan shekarun nan ya ga Illo, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dogon dattijon nan mai faɗin ƙirji da ke tsayawa a tsakiyar shanu riƙe da sanda, sanye da baƙar kwat irin ta ma'aikatan banki a kan kaftani, ko da ranar ta kai ta narka kwalta. Baƙi sukan ɗauka jami'in gwamnati ne ya zo duba lafiyar dabbobi. 'Yan gari kuwa kowa da nasa labarin. Wasu su ce magani ne aka ba shi, wasu su ce sanyin ƙashi ke damunsa. Duk ba haka ba ne. A gabana aka saye ta, ni ne kuma na fara ɗaukar ta a leda, saboda haka zan faɗi yadda abin ya kasance.

Ni igiya nake sayarwa. Rumfata tana jingine da bencin da Illo yake zama, gidajenmu kuma a Ƙofar Dundaye katanga ɗaya ta raba su. Tun muna da baƙin gemu nake jin muryarsa safe da yamma, ban kuma taɓa jin ta ce "na yi kuskure" ba.

A yi masa adalci, dalilin kurinsa ba na banza ba ne. Tun yana saurayi yake bin garke zuwa kudu, a can ya koyi duban sa. Idan aka kawo bijimi, sai ya zagaya shi sau ɗaya, ya dubi tozo, ya dubi cinya, ya ɗan matsa gindin wutsiya, sa'an nan ya faɗi yawan naman da za a samu. Mahauta su yanka su auna, su tarar da maganarsa a kan layi. Daga nan aka sa masa suna Illo Sikeli. Dillali ba shi da jari sai suna. Wanda ya zo daga Legas da babbar mota ba Illo yake nema don kyan fuskarsa ba, idon yake nema.

Inda abin ya ɓaci shi ne Illo ya ɗauka wannan ido ya isa komai na duniya. Ba ya ɗanɗana miya kafin ya ce gishiri ya yi yawa. Ba ya gwada hula. Ya taɓa sayen takalmi da ido, ya shekara yana ɗingishi, duk wanda ya tambaya sai ya ce saniya ce ta taka shi. Maganarsa kullum ɗaya ce: "Gwaji aikin makaho na."

Mutum ɗaya ne bai taɓa yarda da shi ba, wato Malami mahauci, taubashinsa. Malami gajere ne, bakinsa kuwa ya fi wuƙarsa kaifi. Shekara da shekaru yana jiran ranar da idon Illo zai yi tuntuɓe a gaban shaidu. Ya sha cewa ranar nan zai yanka ɗan maraƙi ya raba sadaka, a kuma sauya sunan daga Sikeli zuwa Mudun 'Yan Koli.

To, akwai halitta ɗaya a Sakkwato da wannan ido bai taɓa sauka a kanta ba. Ɗansa ne na fari, Zulkifilu.

Mutanen yanzu sun fara sakin wannan al'ada, amma Illo ya riƙe ta da hannu biyu. Ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a ɗaukarsa a gaban mutane, ba a yabonsa, ba a zura masa ido. Ana yaye yaron aka kai shi Kwalkwalawa wurin yayar Illo, Kaltume, mai sayar da turaren wuta. A can ya girma, a can ya yi makaranta har ya shiga jami'ar da ke maƙwabtaka da su ya gama. Idan ya zo gaisuwa, ya durƙusa a bakin zaure, Illo sai ya juya fuska wajen bango ya amsa da "lafiya lau" kamar mai magana da ƙadangare. Idan dole ta kama a ambace shi, sai ya ce "mutumin Kwalkwalawa". Ba ƙiyayya ba ce. Ni shaida ne cewa duk buhun geron da ya shiga gidan Kaltume daga aljihun Illo ya fito. Sai dai mutum yana iya ciyar da ɗa har ya yi gemu bai san tsawon hannunsa ba.

Wata Asabar da bazara Kaltume ta aiko da saƙo. Wani banki ya kira Zulkifilu ganawar ɗaukar aiki ranar Talata, an kuma ce ba a shiga wurin sai da kwat. Wando baƙi da farar shat yana da su, kwat ce babu. Ta ce a ba yaron abin saye ya je ya zaɓa da kansa.

Illo ya ji wannan magana kamar an zage shi. A ce yana raye, da ido a fuskarsa, a tura yaro ya zaɓi kaya? Da la'asar ya tsaya a bakin rumfata ya ce, "Tashi ka raka ni Sama Road." Illo ba ya yin abin bajinta ba tare da mai kallo ba, ni kuwa ba ni da yawan magana, shi ya sa nake masa daɗin tafiya.

Shagon na wani Bakano ne mai suna Jafar, matashi mai fara'a, kwat a jere a bango tun daga ƙasa har rufi, da dogon madubi a kusurwa. Illo ya shiga yana dubansu kamar yadda yake duban garke da safe.

"Sannu da zuwa, Baba. Kai za ka sa?" in ji Jafar.

"Ni na yi maka kama da mai sa wanga abu? Ta wani yaro ta."

"Wane yaro? Ɗanka?"

Illo ya yi kamar bai ji ba. Ni na ɗaga wa Jafar kai.

"To, ai sai a zo da shi," in ji Jafar. "Kwat ba babbar riga ba ce, Baba. Babbar riga in ta yi yawa sai a ce mutum ya yi kwarjini. Kwat in ta yi yawa sai a ce aro ya yi. Ko ka san lambar da yake sawa?"

"Lamba ta mota ta. Kai dai sauko mini da waccan."

Ya nuna wata baƙa mai faɗin kafaɗa, wadda ta fi duk na kusa da ita cika ido. Jafar ya sauko da ita. Illo ya kama kafaɗar ya matsa, ya ji soson da ke ciki, ya gyaɗa kai.

"Wagga tana da tozo," ya ce.

Jafar ya yi dariya, ya ajiye ta a kan tebur. Yaron yana son ciniki, amma ga alama ba ya son kaya su dawo masa. Ya ce, "Bari in gaya maka abu uku, Baba, in ya so ka yi yadda ka ga dama. Na farko kafaɗa. Ka ga wannan ɗinkin da ya haɗa hannu da jikin riga? Dole ya tsaya daidai inda ƙashin kafaɗar mutum ya ƙare. In ya wuce, soson zai yi ta reto a iska, ƙasansa ya lotsa. In bai kai ba, rigar za ta ɗaure shi ya kasa miƙa hannu. Kuma ita kafaɗa ba ta gyaruwa. Tela zai iya rage ciki, zai iya rage tsawon hannu, amma in ka ce ya rage kafaɗa, ka ce ya warware rigar ya sake ta ke nan."

"Na biyu?" in ji Illo, yana duban rufi.

"Hannu. In mutum ya saki hannuwansa, bakin hannun kwat ya tsaya a kan ƙashin wuyan hannu, farar shat ta leƙo kamar faɗin yatsa. Na uku wuya. Kwalar kwat ta kwanta a jikin kwalar shat ta baya, kada a ga rami tsakaninsu, kada kuma yadi ya tattare a ƙarƙashinta. Duk wannan ba a ganinsa sai riga tana jikin mai ita, a kan shat ɗin da zai sa ta da ita."

Illo ya juyo wajena. "Ka ji Kanawa ko? Abu kaɗan sai sun yi mai wa'azi. Yaro, ni sa nika dubawa da fatarshi in gaya maka abin da ke cikin cikinshi. Riga ta za ta gagare ni? Jinina na. Na san ƙirar gidanmu."

"To, ƙirarsa irin taka ce?"

"Ɗan bijimi ai ba ya zama akuya."

Jafar ya dube ni. Ni kuwa na san Zulkifilu sarai, domin ni babu kunya tsakanina da shi. Siriri ne, bai kai ubansa tsawo ba, kafaɗunsa a zube kamar na dangin uwarsa. Na buɗe baki na ce, "Illo, yaron nan fa bai..." Ya ɗaga mini sanda. Na rufe bakina. Wanda ya zauna kusa da Illo ya san ba a tare ruwa daga gangare.

Jafar ya yi ƙoƙari na ƙarshe. Ya nuna takardar da ke rataye a maɓalli ya ce, "Kada a cire wannan. In ba ta yi ba, a zo da shi da ita in canza muku."

Da bai faɗi haka ba, da wataƙila an tsira. Illo ya zaro 'yar wuƙarsa ta yankan goro, ya tsinke zaren, ya ajiye takardar a tafin hannun Jafar.

"Abin da idon Illo ya saya ba ya komowa kasuwa."

A bakin titi ya miƙo mini ledar. "Kai wagga Kwalkwalawa," ya ce. Iyakar saƙon ke nan. Bai ce a ba wa wane ba, domin bakinsa ba zai iya furta sunan ba. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Na tarar da Kaltume tana kwaɓa turare a tsakar gida. Zulkifilu ya shiga ɗaki ya sa farar shat, ya ɗora kwat, ya fito. Kaltume ta daina kwaɓi. Ta daɗe tana kallonsa, sa'an nan ta ce, "Ɗana, kana ciki?"

Kafaɗun rigar sun wuce nasa da kusan yatsa uku kowane gefe, sun karye sun faɗo kamar kunnen tunkiyar Balami. Hannun ya haɗiye tafinsa, sai kan yatsu ke leƙowa. Ta baya kuwa, tsakanin wuyansa da kwalar, ana iya ajiye ƙullin goro.

"Ta yi, Goggo," in ji shi a hankali. "Baba ne ya saya."

"Ta yi wa? Ai wagga da kai da abokinka za ku shiga. In kun je sai ku nemi aiki biyu."

Ta ce a mayar. Na gaya mata an tsinke takarda. Ta ce to a kai wa tela. Na gaya mata abin da Jafar ya ce game da kafaɗa. Ta kira ƙanen nata da wani suna na yarinta wanda ba zan rubuta ba. Shi dai Zulkifilu ya tsaya a kan cewa da ita zai je. Yaro ne mai kawaici. Tun da aka haife shi wannan ne karo na farko da ubansa ya zaɓa masa wani abu da hannunsa, ba zai ce bai yi ba ko da buhu ne.

Kaltume ta ce, "To, madalla. Tunda ta yi, gobe ka sa ta ka je Kara ka yi mai godiya. A gaban mutane. Haka ɗiyan kirki ka yi." Ta dube ni ta wutsiyar ido ta ci gaba da kwaɓinta. Matar nan ta girmi Illo, ta kuma san inda ake kama shi.

Kafin yaron ya iso washegari, Illo ya riga ya cika Kara da labari. Ya shiga shagon Bakano, ya zaɓi kwat da ido, ya tsinke takarda, ya bar Bakano baki buɗe. Malami yana gefe yana wasa wuƙa yana saurare.

"Kwat ta wa?" ya tambaya.

"Ta mai ita," in ji Illo.

Hantsi ya ɗaga, kasuwa ta cika, sai ga Zulkifilu yana ratsowa ta cikin shanu. Tun daga nesa mutane suka fara juyowa. Ya iso gaban benci ya durƙusa. Da ya sunkuya, kwalar ta tashi ta rufe masa ƙeya, kansa ya nutse ciki kamar na kunkuru ya ji motsi. Ya miƙo hannuwa biyu don godiya, ba a ga hannu ba sai yadi.

Illo, bisa al'ada, ya riga ya kau da kai yana duban wata karsana. "Lafiya lau, lafiya lau," yake cewa. Duk Kara tana kallon abin da ya saya, shi kaɗai ne bai gani ba.

Malami ya ajiye wuƙa. Ya tashi ya zagaya yaron sau ɗaya, yadda Illo yake zagaya sa. Ya matsa soson kafaɗa, yatsansa ya lotsa ciki bai taɓa ƙashi ba. Ya zura hannu ta bayan kwala har wuyan hannu.

"Jama'a, ku matso ku gani," ya ce. "Sikeli ya auna. Tozo ga shi, ba nama. In da sa na wanga, da mai shi ya kwana a hannun hukuma. Taubashi, juyo ka ga aikinka. Ko in aika a jawo maraƙin sadaka?"

Dariya ta fara daga wajen mahauta ta zagayo. Akwai wasu fatake biyu da suka zo daga kudu suna jiran Illo ya duba musu shanu, su ma suka matso. Wannan shi ne abin da ya fi tsorata shi. Suna a kasuwa kamar ƙwai yake, sau ɗaya yake faɗuwa.

Illo ya juyo. Ina kusa da shi, na ga lokacin da idonsa ya sauka a kan ɗansa. Ba rigar ya fara gani ba. Ya dubi wuyan, ya dubi kafaɗun, ya dubi 'yan yatsun da suke leƙowa, kamar wanda aka kawo wa baƙon da aka ce ɗan'uwansa ne. Na ɗauka yau zan ji kalmar da ban taɓa ji ba.

Ina. Dillali ne.

"Kai," ya ce, "wa ya ce ka sa mini riga?"

Zulkifilu ya ɗago kai daga cikin kwala.

"Na aika da rigata Kwalkwalawa a turara mini ita, ƙamshin shago ya fita, sai ka ɗauka ka zura?" Ya juyo wajena. "Mi na ce maka jiya? Na ce ka ba wani?"

Na yi tunani. Idan na faɗi abin da ya gaya wa Jafar, na kashe maƙwabcina a tsaye. Idan na faɗi abin da ya tambaye ni, ban yi ƙarya ba. Na ce, "Cewa ka yi in kai Kwalkwalawa."

"To, kun ji."

Malami bai yi shekaru yana jira don a kuɓuce masa da sauƙi haka ba. "Taka ta? Kai da ka ce kwat rigar masu jin yunwa ta? To sa ta mu gani."

Zulkifilu ya cire ya miƙa da hannu biyu, kansa a ƙasa. Illo ya tuɓe babbar riga ya ba ni, ya zura kwat a kan kaftani. Ni kaina na yi mamaki. Ɗinkin kafaɗa ya sauka daidai kan ƙashinsa kamar an gwada da zare. Kwalar ta kwanta a wuyansa. Hannun ya tsaya a inda Jafar ya ce. Malami ya matsa soso, ya ji ƙashi a ƙarƙashi. Ya zagaya ta baya yana neman rami, bai samu ba.

Idon bai yi ƙarya ba, ashe. Ya auna daidai. Sai dai mutumin da ya auna shi ne mutumin da ya saba gani tun da yake, wato kansa.

"Ta zauna," in ji Malami, murya a sanyaye. Sai kuma fuskarsa ta washe. "To, Allah shi sa a kashe lafiya. Tunda taka ta, ai kullum za mu riƙa ganinta. Ranar da duk na ga ba ka sa ba, na san ta yaro ta, in jawo maraƙina."

Bayan azahar muka koma Sama Road mu uku, domin Talata tana nan tafe kuma yaro ba shi da kwat. Illo a gaba cikin baƙar rigarsa, gumi yana bin gemunsa, Zulkifilu a baya da nisa. Jafar ya gan mu, ya dubi kwat, ya dubi Illo, ya dubi yaron. Bakano ne, ya san ciniki, bai tambayi komai ba. Ya ce kawai, "Ta karɓe ka, Baba."

"Na sani," in ji Illo. "Nemo ma wanga tashi."

Ya ja kujera ya juya mana baya. Sai dai ya ajiye ta inda dogon madubin yake nuna masa komai.

Jafar ya sa ma'auni ya zagaya ƙirjin Zulkifilu, ya sauko da guda uku. Ta farko, ya ce masa ya tsaya a gefen bango ya jingina a hankali. Soson kafaɗa ya riga damtsensa taɓa bango, ya lanƙwashe. "Ta yi yawa," in ji Jafar. Ta biyu, da aka sa maɓallin sama sai yadin ya ja ta ko'ina ya yi tattara a ciki, da yaron ya miƙa hannu gaba kuma sai baya ya ɗaure. Aka cire. Ta uku launin toka ce mai duhu. Kafaɗa da damtse suka taɓa bango tare. Hannun ya ɗan sauko kan tafi, Jafar ya naɗe shi ciki ya soka allura, ya ce wannan aikin tela ne na ɗan lokaci, farar shat ta leƙo.

"Shi ke nan, an gama," in ji Jafar, yana neman leda.

"Ba a gama ba."

Illo ne, bai juyo ba, idonsa a madubi.

"Wuyan ya tashi ta baya. Ce mai shi daina ɗage ƙirji kamar soja, shi tsaya yadda ya saba tsayuwa."

Jafar ya ce wa yaron ya saki jiki. Da ya saki, kafaɗunsa suka zube yadda Allah ya yi su, kwalar ta janye daga wuyan shat, rami ya buɗe wanda yatsa biyu za su shiga. Jafar ya sosa ƙeya ya ce lallai, wannan an yanka ta ne don mai miƙaƙƙiyar kafaɗa. Ya shiga ciki ya daɗe, ya fito da wata baƙa mai siririn soso, lamba ɗaya da waccan amma yankan daban. Aka sa. Aka yi gwajin bango. Yaron ya zauna, ya tashi, ya juya wuya hagu da dama, kwalar tana manne ba ta motsa ba.

Illo ya daɗe yana duban madubin. Sa'an nan ya ce da ni, ba da yaron ba, "Kafaɗar kawunnanshi ta. Ban san haka yake da rama ba. Kaltume ba ta ba shi abinci ne?"

Zulkifilu yana jin sa. Ya sunkuyar da kai, amma na ga yana murmushi. Ina jin a rayuwarsa ba a taɓa yi masa maganar da ta yi masa daɗi kamar wannan ba, ko da yake cewa aka yi ya rame.

Ya je ganawarsa, aka ɗauke shi. Ko kwat ce ta sa, ko takardunsa, wannan ban sani ba, ban kuma taɓa shiga banki na ga yadda suke zaɓe ba. Yanzu yana da kwat wajen huɗu, kowacce shi ya je ya gwada. Ran Juma'a kuma an yarda musu su sa kaftani su sha iska.

Uban ne ba shi da Juma'a. Sunansa yana nan, har yau Illo Sikeli ake ce masa, fatake suna nemansa. Amma kowace safiya sai ya ɗora baƙar kwat kafin ya fito, domin rumfar Malami tana kallon ƙofar shiga. Rana ta cinye baƙin ya koma ja-ja. Wata saniya ta yage aljihu ɗaya da ƙaho. Ɗan ƙyallen nan mai sunan kamfani da ake ɗinkawa a bakin hannu, wanda Jafar ya ce cirewa ake yi, yana nan, Illo ya ce shaida ce. Da zafin bazarar bara ƙuraje suka feso masa a baya har sai da aka kai shi kemis, ya ce wa mai maganin wai gyaɗa ya ci.

Na taɓa ce masa, muna zaune mu biyu, "Illo, ka cire abin nan ka huta. Kowa fa ya sani."

Ya share gumi da bakin hannun kwat. "Sanin kowa daban, faɗina daban," ya ce.

Maraƙin da Malami ya ware don sadaka ya girma ya zama bijimi. Ya ƙi sayar da shi. Yana ɗaure a bayan rumfa da igiyar da ni na sayar masa, kullum da safe idan Illo ya wuce sai Malami ya shafa tozonsa ya ce, "Taubashi, yau da zafi. Ko za ka rage kaya?"

Illo ya gyara kwala, ya wuce.